Idan alawus ɗin karatu ya makara: yadda ɗalibi ke bayyana halinsa ba tare da ya zama maroƙi ba

Alawus ɗin da hukuma ko gidauniya ke biyan ɗalibin da ta ɗauki nauyin karatunsa alkawari ne da ke rubuce a takardar ba da tallafi, da adadinsa da lokacin biyansa. Ɗalibi ya sa hannu cewa zai yi karatu, ya kawo sakamako, wani lokaci ma ya dawo ya yi aiki na wasu shekaru. Mai ɗaukar nauyi kuma ya sa hannu cewa zai biya. Saboda haka wasiƙar da ake rubutawa idan kuɗin ya makara tuni ce a kan haƙƙi, haɗe da rahoton abin da jinkirin ke jawowa. Ɗaliban da suka riƙe wannan a zuciya sukan rubuta wasiƙar da ake aiki da ita. Waɗanda suka manta sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: magiya ko faɗa.

Matsalar sananniya ce ga ɗaliban Najeriya da ke ƙasashen waje. Waɗanda ke ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa da ƙasashe na gwamnatin tarayya, wanda ake kira BEA, a ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungari da Aljeriya, sun shafe watanni ba a biya su ba a 2023 da 2024. A 2024 aka rage alawus ɗinsu na wata daga dala 500 zuwa dala 220, kuma a 2025 gwamnati ta sanar da daina ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara dagula lissafin duk hukumar da ke kasafi da naira tana biya da kuɗin waje.

Kafin a rubuta komai, sai an gano irin jinkirin. Akwai wanda ya shafi kowa: ba a saki kuɗin kasafi ba, ko an sake su amma ba a kammala canjinsu zuwa kuɗin waje ba. Akwai kuma wanda ya shafi fayil ɗin mutum ɗaya: rahoton ci gaban karatu bai iso ba, malamin da ke duba aikin bai sa hannu ba, an sauya asusun banki ba a sanar ba, ko an yi kuskuren lamba ɗaya banki ya mayar da kuɗin. Tambayar abokan karatu uku ko huɗu da ke shiri ɗaya takan warware wannan. Idan an biya su, matsalar tana fayil, kuma gajeren saƙo na tambayar abin da ya rage ya wadatar. Idan ba a biya kowa ba, wasiƙar bayyana hali ce ta kama.

Abu na biyu shi ne sanin wanda zai karanta. Yawanci jami'i ne mai riƙe da fayilolin ɗalibai da yawa, ba shi ke sakin kuɗi ba, kuma shi ma jira yake. Ikonsa shi ne ya rubuta takarda zuwa na gaba da shi, ya sa sunan ɗalibi a jerin masu buƙatar gaggawa, ko ya ba da wasiƙar tabbaci. Don yin haka yana buƙatar abin da zai kwafa: suna, lambar fayil, adadi, kwanan wata da shaida. Jimla irin "wallahi muna cikin wani hali, a dube mu don Allah" gaskiya ce, amma ba ta shiga takardar ofis. Tana ɗora wa jami'in nauyin tausayi, ba ta ba shi abin aiki ko ɗaya ba.

Daga nan ake gane abin da ke sa wasiƙa ta yi kama da bara. Ambaton wahala ba shi ne laifin ba. Laifin yana cikin yawan rantsuwa, da jera kirari ga mai karatu, da ba da haƙuri sau uku a kan "damun ku", da ɗaukar alawus kamar kyautar da ake fatan samu, da rufe wasiƙa da "duk abin da ya sawwaƙa". Ɗalibin da ya taso cikin tarbiyyar kunya da girmama na gaba yakan ɗauka wannan shi ne ladabi. Ladabi yana cika da gaisuwa ɗaya mai kyau a farko da godiya ɗaya a ƙarshe. Abin da ke tsakani lissafi ne.

A ɗauki misalin ɗalibin digiri na biyu a wani gari na arewacin Ingila. A ce takardarsa ta nuna fam 1,100 a wata, ana biya duk bayan wata uku, kuma kason Janairu zuwa Maris, fam 3,300, ya kamata ya shiga ranar 1 ga Janairu. Yau 10 ga Fabrairu. Kuɗin da yake kashewa a wata fam 900 ne: haya 550, abinci 200, wuta da ɗumama ɗaki 90, mota 60. Ya rufe Janairu da fam 500 daga ajiyarsa da rancen fam 400 daga wani abokin karatu. Hayar Fabrairu ba a biya ba, mai gida ya ba shi wa'adi a rubuce zuwa 28 ga wata, kuma abin da ya rage a asusunsa fam 140 ne. Ko an rubuta da Turanci, kamar yadda aka saba da ofisoshin gwamnati, ko da Hausa, ƙashin bayan wasiƙar ɗaya ne:

"Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni ne mai fayil lamba kaza, ina digiri na biyu a jami'a kaza. Alawus ɗina na Janairu zuwa Maris, fam 3,300, wanda takardar tallafi ta nuna za a biya ranar 1 ga Janairu, bai shigo ba zuwa yau 10 ga Fabrairu. Na aiko da rahoton zangon da ya wuce ranar 5 ga Disamba, kuma asusuna bai canja ba. Na biya buƙatun Janairu da ajiyata da rancen fam 400. Hayar Fabrairu, fam 550, tana kaina, kuma mai gida ya ba ni zuwa 28 ga wata. Ga kwafin takardarsa. Ina neman abu uku: a sanar da ni ranar da ake sa ran biya, idan biyan duka zai wuce 28 ga wata, a saki na wata ɗaya, sannan a ba ni wasiƙar da ke tabbatar da cewa ina ƙarƙashin tallafinku kuma kuɗin na tafe, in kai wa mai gida da jami'a. Karatuna na tafiya yadda ya kamata, zan miƙa aikin zango ranar 20 ga Maris. Na gode."

Kowane sashe na wannan wasiƙa yana da aikinsa. Farawa da abin da takardar tallafi ta ce yana kafa maganar a kan yarjejeniya. Ambaton rahoto da asusu yana rufe ƙofar amsar da aka fi bayarwa, wato "a sake turo takardu". Faɗin ajiya da rance yana nuna ɗalibin ya yi iya nasa kafin ya rubuta. Wahalar kuma ta fito a matsayin abu ɗaya mai kwanan wata da shaida. Ɗalibin bai ambaci cewa ya koma cin abinci sau biyu ba, ko cewa ba ya barci, duk da cewa wataƙila haka ne. Wa'adin mai gida kowa na iya tabbatar da shi, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayansa.

Zaɓen wahalar da za a ambata yana bin ƙa'ida ɗaya: a fifita wadda ke barazana ga karatun da aka ɗauki nauyinsa. Rasa muhalli, hana rajista saboda bashin masaukin jami'a, ƙarewar takardar izinin zama, kuɗin zuwa ɗakin gwaji ko asibitin koyarwa, duk suna taɓa abin da mai tallafi ya zuba kuɗinsa a kai. Rashin lafiya ana faɗinta a jimla ɗaya da takardar likita. Nauyin iyaye da ƙanne a gida, duk da girmansa, ya fi kyau a bar shi, domin alawus ba don shi aka ware ba, kuma ambatonsa na iya jawo tambayar inda kuɗin baya suka tafi. Idan aka ce ɗalibin ya nemi aiki, amsar ita ma a taƙaice take: a Birtaniya bizar ɗalibin digiri ta ƙayyade aiki zuwa awa 20 a mako lokacin zango, kuma wasu takardun tallafi suna hana aikin gaba ɗaya.

Buƙatu ukun an jera su ne yadda jami'in zai iya cewa "to" ga aƙalla ɗaya. Wasiƙar tabbaci ba ta cin ko kwabo, amma takan sa mai gida ya ƙara wa'adi, kuma ofishin kula da ɗalibai na jami'a kan nemi irinta kafin ya ba da rance ko tallafin gaggawa. Wasiƙar da ta nemi "a taimaka" kawai tana barin mai karatu da zaɓi biyu, biya ko shiru, kuma na farkon ba a hannunsa yake ba.

Lokaci ma yana da tasiri. Ba a fafe gora ranar tafiya: tambaya ta farko ta kamata ta tafi bayan mako ɗaya ko biyu da wucewar ranar biya, cikakkiyar wasiƙa kuma da zarar wa'adi ya bayyana, tun da sauran kwanakin da ofis zai iya motsi. Idan mako ya wuce ba amsa, ana bin sawu a kan saƙon farko da layi biyu: ranar da aka rubuta da kwanakin da suka rage. Bayan tuni biyu ana iya sa shugaban sashen da jami'in ke aiki a kwafi, ko jami'in ilimi na ofishin jakadanci idan tallafin na gwamnati ne, ba tare da zargin kowa ba. Duk maganar da aka yi ta waya a bi ta da rubutu. Idan jinkirin ya shafi kowa, wasiƙa ɗaya daga ƙungiyar ɗalibai, mai jerin sunaye da adadi da wa'adin kowa, ta fi saƙonni hamsin nauyi.

Ƙarin gishiri da barazana su ne kurakuran da suka fi tsada. Wanda ya ce an kore shi daga gida alhali takardar gargaɗi kawai ya samu, ranar da aka nemi shaida maganarsa ta zube, har da ta gaba. Wanda ya yi barazanar barin karatu kuma ya taɓa sharaɗin da zai iya sa a nemi ya mayar da abin da aka kashe masa.

Wasiƙa mai kyau ba ta haifar da kuɗin da ba a saki ba. Inda baitulmali ya tsaya, abin da take samarwa shi ne ranar da za a yi lissafi da ita, takardar da za a nuna wa masu bin bashi, da tarihin rubuce-rubuce da zai kare ɗalibi idan jinkirin ya taɓa sakamakonsa ko izinin zamansa. Don haka ake aika ta tare da neman tallafin gaggawa na jami'a da tattaunawa da mai gida a mako guda, a kuma ajiye kwafin kowace takarda har ranar da kuɗin suka shiga.