Hoton rasit ba kuɗi ba ne

Mai karatu, a ce kana da kemis a Fadan Kagoma. Wani ya ɗauki maganin naira 12,500, ya miƙo maka wayarsa da hoton rasit na OPay. Kafin ka ƙulla leda, karanta hoton daga sama.

Fara da adadin kuɗin. Idan lambobin sun ɗan karkace, an taɓa hoton. Sai kalmar da ke ƙarƙashinsa: "Successful" ake so, "Processing" na nufin kuɗin bai iso ba tukuna. Duba sunanka da lambar asusunka, lambobi 10 ɗin duka, don wasu lamba ɗaya kawai suke sauyawa. Kwanan wata da lokaci kuma su dace da yanzu. Tsohon rasit na makon jiya ya sha cin mutane.

Layin da na fi amincewa da shi shi ne "Session ID". Lambobi 30 ne. Bayan shidan farko sai shekara, wata da rana. Mai gyara hoto yakan manta da su.

Ko duk sun yi daidai, kada ka dogara da saƙon tes, shi ma ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin. In sabis ya ɗauke, maganin ya jira.