Tace Takardar Ƙorafi: Yadda Ake Cire Zargi, Zato da Zagi

Takardar ƙorafi takan faɗa hannun ma'aikacin da bai san mai ƙorafin ba, bai kuma ga abin da ya faru ba. Aikinsa shi ne ya buɗe fayil, ya duba abin da aka rubuta, ya gwada shi da bayanan da ke ofishinsu, sannan ya yanke abin da za a yi. Duk jimlar da zai iya bincikawa tana taimakon mai ƙorafi. Wadda ba zai iya bincikawa ba kuwa, ko dai ya tsallake ta, ko ta zama hujjar da za a fake da ita a ƙi sauraron sauran. Wannan ne ya sa rubutun farko, wanda galibi a cikin fushi ake yin sa, yake buƙatar tacewa kafin a miƙa shi.

Ƙorafin kuɗin wutar lantarki a Nijeriya ya dace da misali, domin yana da matakai sanannu. Bisa ƙa'idar hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, mai amfani da wuta zai fara kai kukansa sashen karɓar ƙorafi na kamfanin da ke raba masa wuta, kuma kamfanin yana da kwana 15 na aiki ya warware matsalar. Idan bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi da hukumar ta kafa, daga nan kuma zuwa ita hukumar kanta. Tun bayan dokar wutar lantarki ta 2023, wasu jihohi sun karɓi wannan aiki da hukumominsu. Ma'anar wannan ita ce takardar da aka rubuta a matakin farko za ta bi mai ita har matakin ƙarshe, kuma mutane da yawa za su karanta ta.

A ɗauki misalin wani tela da ba shi da mita a shagonsa. A watannin Fabrairu, Maris da Afrilu ana kawo masa bil na naira 18,000 kowane wata. Ranar 3 ga Mayu taransfomar unguwar ta lalace, wuta ba ta dawo ba sai ranar 21. Da bil ɗin Mayu ya zo, sai ya ga naira 62,000. Ya ba ma'aikacin da ke raba bil naira 20,000 a hannu, bai samu rasit ba, kuma ranar 14 ga Yuni aka yanke masa wuta. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Ku ɓarayi ne marasa tsoron Allah. Kullum ba wuta amma sai bil. Ma'aikacinku ya cinye mini naira 20,000, kuma na san da manajanku suka raba. Da gangan kuka ƙara mini kuɗi saboda na ƙi ba ku cin hanci. Kowa a unguwar nan ya san halinku. Allah ya isa."

Telan yana da gaskiya a hannunsa, amma kusan babu ko ɗaya daga cikinta a wannan rubutu. Babu ranar da taransfoma ta lalace, babu adadin bil ɗin, babu abin da yake so a yi masa.

Zagi shi ne mafi sauƙin ganewa da cirewa. "Ɓarayi", "marasa tsoron Allah" da "Allah ya isa" ba su ƙara wa mai karatu sanin komai ba, kuma wanda zai fara karanta su galibi ba shi ya rubuta bil ɗin ba. Ana goge su gaba ɗaya, ba a neman musu madadi mai laushi. Akwai kuma zagin da ke sanye da rigar ladabi, irin su "idan har kuna da masu ilimi a ofishinku" ko "muna godiya da wannan kyakkyawan aiki na barin mu a duhu". Gatse da habaici ma zagi ne, su ma goge su ake yi.

Zato ya fi wuyar kamawa, domin a wurin mai shi kamar sani yake. Kalmomin da ke tona shi su ne "na san", "tabbas", "da gangan", "wataƙila", "an ce" da "kowa ya sani". Abin mamaki, inda mutum ya rubuta "na san" sau da yawa a nan ne bai sani ba. Abin da ya gani da idonsa yakan faɗe shi ne kai tsaye. Tambayar da ake yi wa kowace jimla ita ce: ta yaya aka san wannan? Amsar da ke tsayar da jimla uku ce: an gani, an ji da kunne daga bakin wanda ya faɗa, ko akwai takarda. Telan bai ga manaja ya karɓi ko sisi ba, don haka maganar rabon kuɗi ta fita. Bai san dalilin da ya sa bil ya tashi ba. Yana iya zama mugunta, yana iya zama kuskuren shigar da lamba, yana iya zama an sauya masa rukunin biya. Duk jimlar da ke bayyana abin da ke zuciyar wani zato ce.

Sai dai ba a zubar da zato haka kawai, domin a ƙarƙashinsa akwai tambaya mai amfani. "Da gangan kuka ƙara mini kuɗi" tana komawa "Ina neman bayanin yadda aka lissafa naira 62,000 a watan da aka yi kwana 18 babu wuta." Jimlar farko ana iya amsa ta da kalma ɗaya, a ce ba haka ba ne. Ta biyun sai an fito da lissafi. Tana ma da madogara, domin tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, kuma mai ƙorafi yana iya neman a gwada bil ɗinsa da wannan iyaka.

Haka ake yi da kalmomin zuzutawa. "Kullum ba wuta" ƙarya ce a zahirin lafazi, ko da gaskiya ce a ma'ana, kuma kamfani yana da rikodin awannin da ya ba kowane layi wuta. Idan ya nuna an samu wuta kwana 13 a watan Mayu, ya karya "kullum", daga nan sai a fara shakkar sauran maganar telan. "Daga 3 zuwa 21 ga Mayu babu wuta" ba ta karyuwa, domin rikodin nasu ne zai tabbatar da ita.

Zargi shi ne inda ake buƙatar natsuwa, saboda wani lokaci zargin gaskiya ne. Maganar naira 20,000 ba ta fita daga takardar, domin ta faru. Abin da ke fita shi ne hukuncin da telan ya yanke, wato "ya cinye". Abin da ya sani shi ne ya ba da kuɗin a rana kaza, a wuri kaza, gaban mutum kaza, bai samu rasit ba, kuma kuɗin bai bayyana a bil na gaba ba. Idan aka jera waɗannan, mai karatu da kansa zai kai ga inda telan ya kai, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi riƙe shi. Ka'idar ba ta canzawa ko da cin hanci aka nema. Idan ma'aikaci ya buɗe baki ya nemi kuɗi, wannan abu ne da aka ji da kunne, sai a rubuta ranar, da wurin, da kalmomin da ya faɗa, da wanda ke wurin. Idan kuwa nuƙu-nuƙu kawai ya yi, mai ƙorafi ya fassara shi da neman na goro, to jinkirin za a rubuta, ban da fassarar.

Akwai dalilin shari'a a nan. A kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewacin Nijeriya, sashe na 391 ya bayyana laifin ɓata suna, na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Dokar ta ware ƙorafin da aka kai da kyakkyawar niyya ga wanda ke da iko a kan wanda ake ƙorafi a kansa. Wannan kariya tana rauni idan mutum ya rubuta abin da bai tabbatar ba, balle ya watsa shi ga jama'a da sunan ma'aikacin a ciki.

Bayan tacewa, takardar telan za ta zama kamar haka, a ƙarƙashin sunansa, adireshin shagon da lambar asusun da ke kan bil:

"Ba ni da mita. Bil ɗina na Fabrairu, Maris da Afrilu naira 18,000 ne kowane wata. Daga 3 zuwa 21 ga Mayu babu wuta a layinmu saboda lalacewar taransfoma, amma bil ɗin Mayu ya zo naira 62,000. Ranar 5 ga Yuni na ba ma'aikacin da ke raba bil a layinmu naira 20,000 a shagona, gaban maƙwabcina. Ban samu rasit ba, kuma kuɗin bai shiga asusuna ba. Ranar 14 ga Yuni aka yanke mini wuta ba tare da na samu sanarwa a rubuce ba. Tun ranar kekunan ɗinkina biyu na lantarki a tsaye suke. Ina neman a ba ni bayanin lissafin bil ɗin Mayu, a gyara shi, a binciki naira 20,000 ɗin, a kuma mayar mini da wuta. Na haɗa kwafin bil huɗu. Idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, zan kai ƙorafin zauren NERC."

Jimlar ƙarshe ba barazana ba ce, mataki ne da doka ta ba shi kuma zai iya ɗauka. Ta bambanta da "za ku gani" ko "sai na ga bayanku", waɗanda ake cirewa tare da zagi. Illar da abin ya yi masa ma tana nan, amma a siffar abin da ake iya ƙirgawa, kekuna biyu a tsaye, maimakon "kun kashe mini sana'a".

Akwai kuskuren da ke bin tacewa, wato a wanke takarda har ta rasa ƙarfi. Wasu sukan cika ta da "don Allah a taimaka" da "idan ba damuwa", kamar alfarma suke roƙo. Gaisuwa da girmamawa a farkon takarda sun isa. Abin da ke haƙƙi kuma "ina neman" ake ce masa. Wasu kuma, wajen gyara, sukan ɓoye abin da bai yi musu daɗi ba. Idan telan yana da tsohon bashi, gara ya ambace shi da kansa, domin yana nan a kwamfutarsu. Ba da kuɗi a hannu ba tare da rasit ba ma rauni ne a ɓangarensa, kuma faɗin hakan yadda ya faru ya fi ƙirƙiro masa wani labari.

Gwajin ƙarshe shi ne a ba wanda bai san zancen ba ya karanta, sannan a tambaye shi me ya faru, yaushe, nawa ne, me ake nema. Inda ya kasa amsawa, akwai giɓi. Inda ya ce "ya aka yi ka sani?", zato ya saura. Bayan wannan sai a sa hannu da kwanan wata, a yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, domin da wannan kwafi ne za a tabbatar da ranar da aka fara ƙirga kwana 15 ɗin.