Hoton Sarƙa Yakan Tona Asirin Gwal Na Jabu

Cinikin gwal ya koma cikin waya. Dillaliya ta turo hoton sarƙa ta WhatsApp, ta ce 'yar Dubai ce, karat 21, giram 20, mai ita ce ta matsu da kuɗi. Uwar amarya ko mai haɗa lefe ta ga tana walƙiya a kan farin ƙyalle, hankalinta ya kwanta, ta tura kuɗi. Wannan hoto na nesa, wanda aka ɗauka don ya burge, ba ya faɗin komai a kan ingancin kayan. Hotunan da ke magana su ne na kusa, kuma wurare uku ya kamata a nema: hatimin da aka buga, inda sarƙar ke gogar jiki, da makullinta.

Hatimin wata 'yar lamba ce da ake bugawa a jikin makulli, ko a kan ɗan falle kusa da shi, ko a cikin zobe. Tana nuna yawan tsantsar zinare cikin kashi dubu. Karat 22 shi ne 916, karat 21 shi ne 875, karat 18 shi ne 750, karat 14 kuma 585. Kayan da ake kawowa daga Dubai da Saudiyya galibi 21 ne ko 22 ko 18.

A koma ga sarƙar dillaliya. An nemi hoton makullin, an buɗa shi a waya, sai ga 750. To, ko da sarƙar ta gaske ce, ba karat 21 ba ce. Lissafin ba wuya: sarƙa mai giram 20 ta karat 21 tana ɗauke da giram 17.5 na tsantsar zinare, ta karat 18 kuwa giram 15. Giram 2.5 ke nan za a biya kuɗinsa ba a same shi ba. Abin baƙin ciki shi ne, mace ba ta sanin an cuce ta sai ranar da buƙata ta kai ta kasuwa, mai shago ya ɗora a sikeli ya faɗi farashin da ya sa gabanta ya faɗi.

Wani lokacin ma masana'antar da ta ƙera kayan ba ta ɓoye komai ba, mai sayarwa ne ya yi shiru. Idan aka ga 18K sannan GP ko GEP ko HGE suka biyo baya, ma'anarsa ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe. GF na nufin an lulluɓe ƙarfen da fallen zinare mai ɗan kauri, amma cikinsa tagulla ce. Lamba 925 ta azurfa ce, don haka abu mai launin gwal da ke ɗauke da ita azurfa ce aka yi wa wanka. Shi kuwa 316L ƙarfe ne marar tsatsa. Haruffan nan ƙanana ne ƙwarai, kuma sau da yawa yatsan mai ɗaukar hoto ko hasken fitila kan faɗo daidai kansu. In haka ta faru, a nemi wani hoton.

Wasu ƙasashen suna da tsarin da ya fi lamba kaɗai. Kayan Italiya na gaske suna ɗauke da alamar maƙera: tauraro, lambar rajista, da haruffa biyu na lardi, kamar AR na Arezzo ko VI na Vicenza. Kalmar ITALY ita kaɗai ba hujja ba ce, kowa na iya buga ta. A Indiya kuwa, tun 2021 hatimin hukumar BIS yana zuwa da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma shida. Duk da haka, ƙarfen buga 750 ko 916 abu ne mai araha. Hatimi mai kyau bai wanke kaya ba. Wanda ya fito a cakuɗe, gefensa a narke kamar an zubo shi tare da ƙarfen, shi ne abin zargi.

Daga nan sai launi. Zinare na gaske launinsa ɗaya ne daga waje har ciki, in ya goge sai dai ya dusashe ko ya yi 'yan zane-zane, amma abin da ke ƙarƙashi irin na sama ne. Ruwan gwal kuwa bai kai kaurin gashin kai ba, ko kusa, kuma yana fara cinyewa ne a inda ake yawan guga: tsakanin ƙwayoyin sarƙa inda suke cin juna, ƙasan zobe ta wajen tafin hannu, gefen awarwaro, da sandar ɗan kunne da ke shiga huda. A nan ake ganin ja-ja na jan ƙarfe, ko fari-fari mai toka, wani lokacin har da kore a lungunan da gumi da turare ke taruwa. Ƙananan ƙuraje ko ɓawo da ya ɗago su ma alamar wanka ne, domin zinare ba ya saɓa.

Sai dai a yi hattara kada a zargi mai gaskiya. Fitilar shago da jan ƙyalle suna canza launi a hoto, shi ya sa ya fi kyau a ɗauka da hasken rana a kan farar takarda. Wurin da maƙeri ya yi walda yakan ɗan bambanta da sauran jiki. Farin gwal kuma, in rufinsa na waje ya goge, yakan nuna rawaya-rawaya alhali na gaske ne. A ɗaya ɓangaren, sabon kayan jabu da ba a taɓa sawa ba ba zai nuna gogewa ko kaɗan ba.

Makulli ne wurin da mai ha'inci ya fi yin ganganci. Akwai ɗan zagayen ƙarfe da ke haɗa makulli da sarƙa. A kayan kirki an like bakinsa da walda, saboda ba wanda zai bar giram 20 na zinare ya rataya a kan zagayen da ke iya buɗewa. In hoto ya nuna tsaga a jikinsa, to ko dai aikin arha ne, ko kuma an canza makullin. Wannan dabara ce sananniya: a ciro makullin gaske mai hatimin 750 a maƙala wa sarƙar tagulla. Don haka a kwatanta launin makullin da na ƙwayoyin da ke kusa da shi cikin hoto guda, a kuma duba ko girmansa ya dace da kaurin sarƙar. Sarƙoƙin karat 21 da 22 sukan zo da ƙugiya mai lanƙwasa biyu, saboda zinarensu na da taushi. Makullin da ake dannawa kuwa yana da ɗan sifirin na ƙarfe a ciki, shi ya sa maganaɗisu kan ɗan ja shi ko a sarƙar gaske. In ya ja jikin sarƙar kanta, magana ta ƙare.

Hoto na ƙarshe da ya kamata a nema shi ne na sarƙar a kan sikeli, da rasit a gefe. Tagulla ba ta wuce kusan rabin nauyin zinaren karat 21 ba in girmansu ɗaya, don haka ƙatuwar sarƙa marar nauyi tana buƙatar bayani, ko da yake akwai na gaske da ake ƙerawa da rami a ciki.

Idan duk hotunan sun fito tsaf, abin da aka samu shi ne dalilin zuwa ganin kaya, ba dalilin tura kuɗi ba. A wurin 'yan gwal, mai gwaji zai goga sarƙar a kan baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ko ya sa ta a na'ura. Na'urar ma saman ƙarfe take karantawa, kuma wanka mai kauri na iya ruɗar ta. Shi ya sa gogaggen mai gwaji kan nemi izinin ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri, kuma yakan gwada tsakiyar sarƙar daban, makullin daban.