Layukan da Ke Cika Ɗakin Ƙaddamar da Littafi

Marubucin da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa ba shi da kamfanin da zai yi masa shela. Haka abin yake tun zamanin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, lokacin da irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika hannun matasa da littattafai. Marubuci shi ne mai kai aiki maɗaba'a, shi ne mai bin dillalai, shi ne mai talla. A yau ma da ranar ƙaddamarwa ta matso, shi zai zauna ya tsara 'yan layukan da za a sa a takardar sanarwa. Nan ne kuma da yawa suke yin sakaci, bayan sun sha wahalar rubuta shafi ɗari biyu.

Dubi yawancin takardun da ke yawo a wayoyinmu. Sama akwai shugaban taro, sai babban mai ƙaddamarwa, sai uban taro da uwar taro, sai mai masaukin baƙi, kowa da hotonsa da jerin muƙamansa. Sunan littafin yana can ƙasa a takure. Ba na ganin laifin girmama manya, domin gudunmawarsu ce sau da yawa take biyan bashin maɗaba'a. Amma ɗalibar da ta ga wannan takarda abu ɗaya za ta fahimta: taro ne na masu sanar da dubban nairori a lasifika, ba nata ba. Sai ta yi zamanta a gida, alhali ita ce za ta karanta littafin har ta ba ƙawayenta labari. Manya a aika musu katin gayyata na musamman, a kai hannu da hannu. Takardar da za a baza kuwa ta mai karatu ce, da shi ya kamata ta yi magana.

Mu ɗauki misalin wata marubuciya da ta buga ƙagaggen labarinta na farko, kwafi 500, ta kama ɗakin taro a Kano. Abin da ta fara rubutawa shi ne tana farin cikin gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki zuwa gagarumin bikin ƙaddamar da littafinta wanda zai ilimantar, ya faɗakar, ya kuma nishaɗantar. Wannan yabo zai hau kan kowane littafi a duniya, saboda haka bai ce komai ba game da nata. Gara ta faɗi abin da ke cikin labarin a jimla ɗaya, ta bar mai karatu da ƙishirwa. Ga yadda za ta iya gyarawa:

"Shekara tara mijinta yana Kurmi ba wasiƙa ba saƙo, sai ga shi ya dawo ana saura kwana uku ɗaurin aurenta. Ku zo ku ji yadda aka kwashe daga bakin marubuciyar, Malama Wance, ranar ƙaddamar da littafinta. Asabar, 14 ga wata, a ɗakin taro na wuri kaza, daura da masallacin Juma'a. Buɗe taro ƙarfe 10:00 na safe. Karatu daga littafin ƙarfe 11:00. Sa hannu daga 11:30 zuwa 1:00 na rana. Shiga kyauta ne, maza da mata. Kwafi naira 2,000."

Sunan littafin da hoton bangonsa su ne za su fi komai girma a saman wannan rubutu, yadda wanda ya gani sau ɗaya zai gane shi in ya ci karo da shi a shago.

Layukan ƙarshen nan biyu, na shiga kyauta da na farashi, su ne marubuta suka fi jin nauyin rubutawa. Wasu suna ganin sa farashi zai rage abin da manyan baƙi za su bayar. Ban yarda ba. Mai ƙaddamarwa ya san abin da ya kawo shi, ba farashin bango yake kallo ba. Wanda ke buƙatar sanin farashi shi ne mai lissafin kuɗin mota, wanda ke tsoron a miƙo masa littafi a gaban jama'a ya rasa abin da zai ce. In ka gaya masa tun daga gida cewa naira 2,000 ta ishe shi, ka cire masa wannan fargaba. A ƙara da cewa ana karɓar tsabar kuɗi ko turawa ta banki, in haka ne.

Raba lokaci gida uku ma ba ado ba ne. Kowa ya san taronmu: a rubuta ƙarfe goma, a fara sha ɗaya da rabi ana jiran babban baƙo, jawabai su cinye rana, a kira Azahar, jama'a su watse ba a karanta ko layi ɗaya ba. Idan an buga lokacin karatu a takarda, ya zama alkawari, kuma mai gabatarwa ya sami hujjar taƙaita jawabai. Karatun kansa minti goma zuwa sha biyar ya isa, wato shafi huɗu ko biyar, a tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi. Sa hannu shi ke cin lokaci fiye da yadda ake zato. Kowane mutum sai an gaisa, a tambayi sunansa, a rubuta, a ɗauki hoto. In aka ba kowa minti ɗaya da rabi, mutum 60 sun cinye sa'a ɗaya da rabi ke nan. Shi ya sa misalinmu ya ware daga 11:30 zuwa 1:00, a tashi kafin salla. Wanda ya riga ya sayi littafin a kasuwa, a gaya masa ko zai iya zuwa da nasa a sa masa hannu. Ni dai ina ganin a bar shi ya zo, don ba a korar wanda ya riga kowa saye.

Sai maganar wuri. Gidan Mambayya a Kano ko Arewa House a Kaduna sanannu ne, sunansu kaɗai ya kusa isa. Amma ɗakin taron makaranta ko na wata ƙungiya yana buƙatar kwatance irin wanda za ka yi wa mai adaidaita sahu: unguwa, titi, da abin da ke kusa. Lambar wayar da za a sa kuma kada ta zama ta marubuciyar, domin ranar ba za ta sami sukunin ɗauka ba. A sa ta wani ƙane ko ƙawa, bayan an nemi izininsu.

Kafin a ba mai maɗaba'a umarnin bugawa, a nemi ya fitar da kwafi ɗaya na gwaji. A ɗauko kalanda a tabbatar 14 ga watan Asabar ce da gaske, don saɓanin rana da kwanan wata yana raba jama'a biyu, wasu su bi wannan, wasu su bi wancan. A duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, saboda yawancin haruffan ado da masu zane ke so ba su da su, sai su fito a matsayin akwati ko su ɓace, har a cikin sunan littafin. Sannan a tura hoton zuwa ƙaramar waya ta WhatsApp a gani ko ƙananan rubutun suna karantuwa, tunda manhajar tana rage ingancin hoto. Rubutun da ke jikin hoto yana da wuyar kwafa, don haka a sake rubuta rana da wuri da lokaci a ƙarƙashinsa a matsayin saƙo, yadda mutum zai tura wa wani cikin sauƙi.

Gwaji na ƙarshe shi ne a miƙa takardar ga wanda bai san komai game da taron ba, ya duba na ɗan lokaci, a karɓe, a tambaye shi yaushe ne, a ina ne, nawa zai riƙo. Duk tambayar da ya yi inda-inda a kanta, wannan layin ne za a koma a gyara kafin injin ya fara aiki.