Wa Kake Yi wa Bayani a Shafin Kamfaninka?

Wani kamfanin haɗa wutar sola ya buɗe shafin gabatar da kansa da labarin maigida: inda ya yi karatu da wahalar da ya sha. Mai shagon sayar da ruwan sanyi da ya leƙo kuwa, damuwarsa ko firijinsa zai kwana da wuta.

Gyaran ba wuya. Bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya: wannan me ta ƙara wa mai saye? "Mun daɗe a harkar" sai ta koma "Mukan auna wutar da kayanka ke ci kafin mu zaɓa maka batir." Tarihin maigida a mayar da shi ƙasa, a bar abin da ke nuna gwanintarsa kawai. In "mu" ya rinjayi "kai" a sakin layin farko, da sauran aiki.