Sunan Aikin Nasu Ne, Hujjar Ta Mai Nema Ce

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Maiduguri ko Damaturu, ranar da wa'adin wani gurbin aiki na ƙungiyar agaji zai cika, ya san yadda abin yake. Matasa sun yi layi, kowa da waya a hannu, kowa na son a gyara masa wasiƙa kafin tsakar dare. Da yawa dabararsu guda ce: a buɗe sanarwar, a kwaso sharuɗɗan da aka jera, a liƙa su cikin imel, sannan a sa "ina da" a gaban kowane layi. Suna da dalili, domin sun ji ana cewa sai kalmominka sun yi daidai da na sanarwa ake duba takardarka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, fahimtarta ce ta karkace.

Gaskiyar da ke cikinta ita ce, mai tantance takardu ba ya karanta wasiƙa kamar labari. A gabansa akwai jadawali da aka ciro daga sanarwar kanta, sharaɗi bayan sharaɗi, yana neman inda zai sa maki. Sau da yawa wanda ke yin tacewar farko jami'in kula da ma'aikata ne, ba masanin fannin ba. Idan sanarwa ta ambaci wani suna na sana'a, wannan sunan idonsa ke nema, kuma ba lallai ya gane shi ba idan ya zo da wata riga. A manyan hukumomi ma, kamar Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke karɓar takardu ta dandalinta na Inspira, manhaja ce ke fara tace mutane bisa amsoshin da suka bayar kan karatu, harshe da shekarun aiki. Imel kai tsaye ya fi yawa a ƙananan ofisoshi, ƙungiyoyi masu zaman kansu da aikin kwantiragi na ɗan lokaci, irin waɗanda ake gani a ReliefWeb, shafin da aka buɗe a 1996 wanda ofishin OCHA ke gudanarwa. A can mutum ne zai buɗe saƙon, kuma sau tari shi ne ya rubuta sanarwar da hannunsa. Maido masa da jimlolinsa tamkar kai wa mai rijiya ruwan rijiyarsa ne a ce tsaraba.

A ɗauki misali. A ce wata ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi shekara uku da 'yan watanni a wani ƙaramin asibiti a jihar Yobe. Aikinta shi ne auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, ta ware waɗanda awonsu ya gaza santimita 11.5, wato waɗanda tamowa ta yi wa mugun kamu, ta ba iyaye abincin gyaɗa na magani, ta cike rajista, ta tura rahoto kowane mako. Sai ta ga sanarwa mai ɗauke da layuka irin waɗannan:

```
Minimum 3 years' experience in CMAM programming (required)
Data collection with KoboToolbox (required)
Fluency in English and Hausa; Kanuri desirable
```

Idan ta bi hanyar shagon buga takardu, ga abin da zai fito:

```
I have minimum 3 years' experience in CMAM programming.
```

Kalmar `minimum` ita ce ta tona asiri. Ma'anarta "aƙalla", kuma magana ce ta mai ɗaukar aiki, wanda ke kafa iyaka. Babu wanda ke faɗin tarihin kansa da "aƙalla". Wanda ya yi aiki ya san watan da ya fara da watan da ya bari. Da ganin wannan kalma mai tantancewa ya san an kwafa, kuma jimlar ba ta ba shi komai da zai ɗora maki a kai ba. A ina aka yi aikin? Yaushe? Yara nawa?

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda masu gaskiya suka fi faɗawa ciki. Ita wannan ma'aikaciya tana iya rubuta cewa ta yi shekaru tana kula da yara masu fama da yunwa, ta tsaya nan. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma kwafa ba, amma sunan da ake nema bai fito ba. CMAM shi ne tsarin kula da tamowa mai tsanani a cikin al'umma, inda yaron da ba shi da wata larura mai nauyi ke karɓar magani yana gida, a kwantar da wanda jikinsa ya rikice kawai. Abin da take yi ke nan kullum, tana iya yinsa ido rufe, sai dai jami'in da ke riƙe da jadawali zai iya wuce ta bai sani ba.

Hanyar da ta fi ita ce a raba jimlar sanarwa gida biyu. Akwai sunaye: sunan tsari, sunan manhaja, sunan harshe, sunan takardar shaida. Waɗannan a ɗauke su yadda suke, harafi da harafi, domin ba mallakin kowa ba ne, kuma sauya su ruɗani kawai yake kawowa. Sauran jimlar, wato abin da aka yi, wurin, lokacin da adadin, dole ya fito daga rayuwar mai nema. Sai layin ya koma haka:

```
From March 2021 to June 2024 I ran the CMAM outpatient
site at a primary health centre in Yobe, screening
about 60 children a week by MUAC.
```

Sunan yana nan, ido zai kama shi nan take. Shekara ukun da aka nema ba ta faɗe su da baki ba, ta bar kwanan wata ya faɗa, kuma kowa na iya ƙirgawa. Ta ƙara MUAC, sunan awon damtse, wanda babu shi a sanarwar. Wannan ƙarin shi ke nuna wa masanin da zai karanta daga baya cewa hannunta ya riƙe tef ɗin. Adadin yaran kuma dole ya zama wanda za ta iya karewa, domin rajistar asibitin tana nan, shugabanta ma yana nan.

Wani lokaci aiki ɗaya yana da suna fiye da ɗaya, kuma a nan ne mutanen iyaka ke yin asara ba gaira ba dalili. Wasu hukumomi suna cewa IMAM maimakon CMAM. A Nijar, inda takardun aiki ke fitowa da Faransanci, ana cewa PCIMA, cibiyar da yaro ke zuwa yana komawa gida ita ce CRENAS, wadda ake kwantarwa kuma CRENI. Wanda ya yi aiki a Maraɗi ko Damagaram, yana neman gurbin da aka sanar da Turanci, ya fara sa sunan da sanarwa ta yi amfani da shi, sannan a jimlar ya ambaci sunan da aka san shi da shi inda ya yi aikin. Ta haka mai jadawali ya sami kalmarsa, wanda zai kira tsohon wurin aikin don tabbatarwa shi ma ya sami tasa.

Sharaɗi na biyu ya fi gwada mutum. A ce ita ba ta taɓa amfani da KoboToolbox ba, amma ta yi shekara biyu tana cike fom a waya da ODK Collect. Zuciya za ta ce mata ta rubuta sunan da aka nema kawai, ai duk ɗaya ne. Kusan ɗaya ne kuwa, domin manhajar KoboCollect a kan ta ODK aka gina ta, wanda ya iya wannan ba zai sha wuya da waccan ba. To, wannan bayanin shi ya kamata ta rubuta: ta yi aiki da ODK Collect daga wata kaza zuwa wata kaza, kuma a kansa aka gina KoboCollect. Sunan da ake nema ya fito, ba ta kuma ɗora wa kanta abin da ba ta yi ba. Tana iya rasa rabin maki. Amma idan ta yi da'awa, sai a gaban kwamitin intabiyu a ce ta ba da labarin wani lokaci da ta yi amfani da shi, salon tambayar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka daɗe suna bi, inda ake son labari na gaske mai farko da ƙarshe. Fom ɗin tarihin aiki na P11 ma, wanda wasu hukumomin ke nema har yanzu, yana ƙarewa da sa hannu cewa bayanin ƙarya na iya jawo kora ko bayan an ɗauki mutum.

Ba kowane layi na sanarwa ke da nauyi ɗaya ba. Abin da aka rubuta wa `required` wajibi ne, rashinsa na fitar da mutum tun daga ƙofa. Abin da aka rubuta wa `desirable` ƙari ne, da shi ake raba gardama idan waɗanda suka cika wajibi sun yi yawa, kuma kusan kullum suna yawa. Imel gajere ne, sakin layi uku ko huɗu, don haka wajibai ake fara amsawa, a bi jerin da sanarwa ta bi, yadda idon mai tantancewa zai sauka kan jadawalinsa ba tare da kai-komo ba. Dogon sashen da ke lissafa ayyukan kujerar, wanda shi aka fi kwafa saboda daɗin Turancinsa, ba sharaɗi ba ne. Bayani ne na abin da za a yi nan gaba, ya isa a zaɓi ɗaya ko biyu da mutum ya taɓa yin makamancinsu.

Wuri ɗaya ne kwafa ta zama dole: kan saƙon. Idan an ce a sa sunan gurbi da lambarsa, a sa su daidai, har da ɗigo da karan tsakiya, domin wasu ofisoshi da wannan lambar suke ware saƙonni, kuma wanda ya yi wa tasa kwaskwarima yana iya faɗawa inda ba mai dubawa.

Kafin a tura, akwai gwaji mai sauƙi. A ajiye sanarwa da wasiƙa gefe da gefe, a ja layi ƙarƙashin duk inda kalmomi biyar ko shida suka bi juna iri ɗaya a takardun biyu. Idan suna ne mai tsawo, a bar shi. Idan jimla ce, a rushe ta. Sannan a ɗauki kowace jimla ta wasiƙar a tambayi kai ko wani mai neman zai iya sa ta cikin tasa ba tare da canza komai ba. Idan zai iya, tana buƙatar wuri, wata ko adadi.

Saura batun Kanuri. Ma'aikaciyar tamu Bahaushiya ce, amma zaman Yobe ya sa tana iya gaisawa, ta tambayi uwa tun yaushe yaro ya daina cin abinci, ta bayyana mata sau nawa za a ba shi magani a rana. Ba za ta aro `fluency` ta liƙa wa Kanuri ba, domin ƙwarewa ce ba ta kai ba, kuma cikin kwamitin ana iya samun ɗan Bama ko Gaidam da zai juya harshe ba sanarwa. Ba kuma za ta yi shiru ba. Za ta rubuta cewa Hausa harshenta ne na gida, da Turanci take rubuta rahotanninta na mako, da Kanuri kuma tana iya karɓar bayanin rashin lafiyar yaro daga uwarsa ba tare da tafinta ba.