Takalmin roba ko na fata: Wanne ya dace da manomin damina a Kagarko?

A Ƙaramar Hukumar Kagarko da ke kudancin Jihar Kaduna, kamar yadda yake a Kachia da Jaba da kewayen Kafanchan, manomi guda kan yi aiki a ƙasa iri biyu a damina ɗaya. Yana da gonar citta a tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, yana kuma da fadamar shinkafa, inda taɓo kan kai ƙwauri a watan Agusta. Takalmin da ya dace da ɗayan wurin yakan zama wahala a ɗayan, kuma a nan ne masu saye da yawa ke asarar kuɗinsu.

Bambancin roba da fata ya faro ne daga yadda ake ƙera su. Dogon takalmin ruwa ana zuba shi ne a mazubi, ya fito ba ɗinki, saboda haka ruwa ba shi da kafar shiga sai ta bakinsa. Mafi yawan masu arahar da ake gani a kasuwa ba na ɗanyen roba ba ne, na wani nau'in leda ne da ake rubuta wa PVC. Wannan ya fi tauri, kuma yakan tsage a daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, musamman idan ana yawan barin sa a rana. Aibin duka biyun ɗaya ne: yadda suke hana ruwa shiga, haka suke hana gumi fita. Ƙafar da ta yini a jiƙe fatarta takan yi fari ta yi laushi, tsakanin yatsu ya soma ƙaiƙayi yana tsagewa.

Fata kuwa tana barin gumi ya fita, tana kuma bin siffar ƙafar mai ita. Sai dai ɗinka ta ake yi, kuma kowane ramin allura hanyar ruwa ce. Tana jure raɓa da yayyafi idan ana shafa mata mai, amma ba ta jure tsayuwa cikin ruwa na sa'o'i. Idan ta jiƙe aka shanya ta a bakin murhu, sai ta ƙandare ta fashe, mannin tafinta ya saki.

Riƙon idon sawu

Inda fata ta fi roba nesa ba kusa ba shi ne riƙon idon sawu. Takalmin fata mai igiya, wanda ya haura idon sawu, yana ɗaure ƙafa da diddige wuri guda. Takalmin ruwa ba shi da igiya, dole a yi shi da yalwa domin ƙafa ta shiga, don haka tsawonsa bai ba da wani tallafi ba. Wanda ya ɗauko buhun citta ya taka gefen kunya ko dutse, ƙafarsa na iya juyawa a cikin takalmin, ya samu targaɗe.

A cikin taɓo kuma wannan yalwar ce ke sa diddige ya zare ya bar takalmi a baya. Maganin abin yana wurin saye. A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi aiki da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa. Sannan wani ya danne bayan takalmin, mai saye ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Idan diddige ya zaro cikin sauƙi, takalmin ya yi yawa, kuma taɓon fadama zai ƙwace shi. A duba tafinsa ma: haƙora masu zurfi da tazara suna zubar da laka, ƙanana masu matsi kuwa laka ke cike su, tafin ya koma sumul.

Kariyar yatsu

Fartanya da adda da gatari ba sa jin tausayin roba. Takalmin ruwa na gama-gari ba ya tare kaifi, ba ya tare nauyi. Mai kariya shi ne wanda aka saka wa hular ƙarfe ko ta wani abu mai tauri a gaba. Ƙa'idar duniya ta ISO 20345 ta tanadi cewa hular ta jure bugun da ya kai kimanin faɗowar kilo 20 daga tsayin mita 1.

Ana gane matsayin takalmi daga alamar da ke jikinsa. S4 na nufin takalmin ruwa mai hular yatsu. S5 na nufin an ƙara masa faranti a tafi, wanda ke tare ƙusa da ƙaya da tsinin kututture. S3 shi ne takwaransa a takalman fata. Inda babu alama, a danna gaban takalmin da ƙarfi. Idan ya lotsa, babu hula a ciki. Hular tana da iyakarta: yatsu kawai take rufewa, saran da ya sauka a bayan ƙafa ba ruwanta da shi. Tana kuma ƙara nauyi, ba ta buɗewa kamar fata, kuma wadda ta taɓa lanƙwasewa ta gama aiki.

Yadda zaɓin ke kasancewa a shekara guda

A ɗauki manomi a yankin Jere mai gonar citta da kuma fadama. Daga watan Afrilu zuwa Mayu yana sharar gona da huɗa da shuka. Ƙasa ba ta riga ta jiƙe sosai ba, haɗarin yana ga kaifi da kututture, don haka fata mai igiya da hular yatsu ta fi.

Ranar feshin maganin ciyawa kuwa roba ce kaɗai ta dace, domin fata tana shan magani ta riƙe shi, ba ta wankuwa. A ranar, wando ya sauka a kan takalmi, kada a cusa shi ciki, don kada abin da ya zubo ya gangara ƙafa.

Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin dashe da ciyawar shinkafa, dogon takalmin ruwa ne abokin aiki. Yana raba fata da ruwan da ke iya ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yana kuma rage haɗarin saran maciji, tunda yawancin saran da manoma ke samu a ƙafa ne, ko da yake siririyar roba ba ta da tabbas a gaban haƙoran kasa. Idan ruwa ya haura bakin takalmi, amfaninsa ya ƙare, sai nauyi. Da kaka ta yi, aka shiga tonon citta da dakon buhuna, sai a koma ga fata.

Wanda kuɗinsa bai kai na takalma biyu ba, takalmin ruwa mai alamar S5 wanda ya kama diddige shi ya fi rufe masa yawan ayyukan, muddin zai yi hattara da kaya a kan gangare. Ya tanadi safa biyu, ya sauya da tsakar rana, ya bar ƙafa ta sha iska.

Akwai kuma abin da manoman citta suka ƙara lura da shi tun bayan cutar da ta lalata gonaki da yawa a kudancin Kaduna a shekarar 2023. Cututtukan da ke zaune a ƙasa suna bin lakar da ta manne a tafin takalmi daga gona zuwa gona. Roba ana wanke ta tas da ruwa da sabulu kafin a shiga wata gonar, abin da fata ba ta jurewa kullum. Bayan wanki a kife takalmin a kan sanda a inuwa, nesa da rana da man fetur, a kuma zazzage shi da safe kafin a sa ƙafa, saboda kunama.